Yadda nake raba maki a fiziks idan yaro ya bi hanya daidai amma lissafi ya kayar da shi

Ƙarshen zangon da ya wuce muna zaune a sitaf rum nan Katsina, ba wuta, fanka tsaye cik, kowa ya duƙufa kan takardun jarrabawa, sai na leƙa teburin wani ɗan bautar ƙasa da aka haɗa ni da shi yana taya ni makin na 'yan SS2. Na ga ya ja wa wata yarinya jan biro tun daga saman shafi har ƙasa, ya zagaye sifili ƙato. Na ce ƙanena miƙo mani takardar nan. Ya ce Malam ai duk amsoshinta ukun ba wadda ta yi daidai da ta cikin takardarka. Gaskiya ya faɗa kuma, ba wadda ta yi daidai. Amma da na zauna na bi aikin layi-layi sai yarinyar ta tashi da 9 cikin 10. Takarda ɗaya, malamai biyu, wani ya ba da sifili wani ya ba da tara, to ka ga dole a zauna a yi maganar yadda ake abin.

Ga tambayar da na ba su, don da ita za mu yi aiki har ƙarshe. Mota mai nauyin 1200 kg tana tafiya da gudun 5 m/s, sai direba ya taka totur gudun yana ƙaruwa da 2 m/s² har tsawon sakan 8. A nemo gudunta a ƙarshe, a nemo nisan da ta ci, sannan a nemo ƙarfin motsinta a ƙarshen, wato KE ɗin nan da yara suka sani. Amsar da ake so ita ce:

```
(a) v = u + at = 5 + 2×8 = 21 m/s
(b) s = ut + ½at² = 40 + 64 = 104 m
(c) KE = ½mv² = ½×1200×21² = 264,600 J
```

Aiki na farko tun kafin ka buɗe takardar kowa yake farawa. Ka zauna ka warware tambayar da hannunka, sannan ka yanka makin gunduwa-gunduwa ka rubuta a takarda. Kar ka ce zan riƙe a kai, wallahi bayan takarda ta arba'in kan ba ya riƙe komai, abin da ka yafe wa yaro da safe shi za ka yanke wa wani da la'asar saboda yunwa ta fara cinka. Ni yadda na raba goman nan shi ne kowane ɓangare maki uku: ɗaya na fomula, ɗaya na zuba lambobi kowace a gurbinta, ɗaya na amsar ƙarshe. Uku sau uku tara ke nan. Na goman kuma na yunit ne, na tambayar gaba ɗaya, wanda ya sa m/s da m da J ya samu, wanda ya bar ko ɗaya ko ya sa ba daidai ba ya rasa shi sau ɗaya tak. Duk wanda ya taɓa ganin takardar makin ta lissafi ta WAEC ya san M1 da A1 da B1, na M na hanya ne, na A na daidaiton amsa ne kuma sai an samu hanyar ake ba da shi, na B kuma tsaye yake da ƙafarsa. Tunanin nan ne na aro, ba wani sabon abu na ƙirƙiro ba.

Ka lura da abin da rabon ya nuna: kashi biyu cikin uku na kowane ɓangare fiziks ne, kashi ɗaya ne kawai na latsa kalkuleta. Haka ya kamata, don ni fiziks nake koyarwa, malamin lissafi yana da nasa makin da zai yanke a nasa darasin.

Na biyu, in ka ga amsar ƙarshe ba ta yi daidai ba, kar ka tsaya a kanta, koma sama ka nemo layin farko da ɓarnar ta shiga. Na farko fa, ba na ƙarshe ba. Ga abin da yarinyar nan ta rubuta:

```
v = u + at
v = 5 + 2×8
v = 5 + 10 = 15 m/s
```

Fomula daidai, zubi daidai, sai a layi na uku ta tara 2 da 8 maimakon ta ninka. Nan ne kaɗai wurin ɓarnar a duk shafin. Sai in zagaye 10 ɗin da jan biro, in rubuta 16 a gefe ƙarami, in ba ta 2 cikin 3. Zagayewar nan tana da amfani biyu, yarinya ta ga ainihin inda ta zame, ni kuma ranar da za ta zo ko mahaifinta ya zo yana tambaya ba sai na sake warware tambayar a tsaye ba.

Na uku shi ne inda aikin yake, a nan zan daɗe. In ka samo layin, sai ka tambayi kanka, kuskuren nan na hannu ne ko na kai? Wato yaron ya san abin sai lissafi ya zame mashi, ko dai fiziks ɗin ne bai shiga ba amma ya fito da kamannin kuskuren lissafi? Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. In na ɗauki layin da ya zuba lambobin yadda ya rubuta shi, na miƙa wa wani yaro da bai taɓa shiga ajin fiziks ba tare da kalkuleta, zai fitar da amsar daidai? In zai fitar, kuskuren na hannu ne, makin amsa kaɗai ya tafi. In ba zai fitar ba to ɓarnar ta riga ta faru tun a sama, kuma hukuncinta ya fi nauyi.

Bari mu gwada a ɓangaren (b), don a nan na ga kala-kala. Wani yaro ya rubuta s = 5×8 + ½×2×8² tsaf, sai ya ɗauki 8² a matsayin 16, ya samu 56 m. Abin haushi ne a ce ɗan SS2 bai bambance 8×8 da 8×2 ba, amma layin zubinsa lafiya lau yake, ɗan kalkuletanmu zai fitar da 104 daga cikinsa. Ya sha 2 cikin 3. Wani kuma ya rubuta fomular daidai amma ya sa u = 0, saboda ya saba da tambayoyin da mota ke tashi daga tsaye, ya samu 64 m, lissafinsa ba kuskure ko ɗaya. Wannan bai karanta yanayin motar ba, kuma karanta yanayi fiziks ne. Makin fomula kawai na ba shi, 1 cikin 3. Na uku ya rubuta s = ut + at², rabin ya ɓace, ya zuba lambobi da kyau ya tara da kyau ya samu 168 m. Wannan sifili ne a ɓangaren, duk da rubutunsa ya fi na kowa kyau, don makin zubi yana rataye ne a jikin fomula, in fomular ba ita ba ce me aka zuba a cikin me? Ɗan bautar ƙasar nan har ya ce Malam ai rabi kaɗai ya manta. Na ce rabin nan shi ne ke nuna gudun a hankali ya hau ba tashi ɗaya ba, wanda ya yar da shi ya yar da ma'anar fomular.

Akwai wanda ya fi waɗannan siriri, a ɓangaren (c). Yara biyu duk sun samu 12,600 J, amsa iri ɗaya sak. Na farko ya rubuta ½×1200×21² sannan wajen latsawa ya manta ya ninka 21 da kanta. Na biyu ya rubuta ½mv² a sama amma a layin zubi ya sa ½×1200×21, ɗan 2 ɗin sama babu shi. Na farko 2, na biyu 1. Za ka iya cewa ƙila shi ma na biyun mantuwa ce, eh ƙila, amma ni abin da ke kan takarda nake dubawa, ban shiga zuciyar yaro ba. Ranar da ka fara cewa ai na san yaron nan yana da ƙoƙari abin da yake nufi ke nan, ranar ka fara ba wa ɗan gaban aji abin da za ka hana ɗan baya.

Inda malamai suka fi rabuwa shi ne canjin yunit, wasu na ɗaukarsa ƙaramin lissafi ne. Ni ina raba shi biyu. Ɗauki tambayar iskar gas, 200 cm³ a zafin 27°C aka ɗumama zuwa 54°C ba tare da matsi ya canza ba. Yaron da ya ce 54 ninkin 27 ne don haka amsa 400 cm³, wannan ba lissafi ya kayar da shi ba, bai san dokar Charles da Kelvin take aiki ba, kuma wannan sanin shi ne rabin abin da tambayar take gwadawa. Amsar gaskiya 200×327/300 ce, wato 218 cm³. Makin fomula kaɗai zai samu in ya rubuta ta. Amma wanda ya rubuta 27 + 273 = 290, ya san a ƙara 273, tarawa ce ta zame, wannan maki ɗaya zan cire mashi in bi shi da 290 ɗinsa. Haka kalkuleta da aka bari a RAD, yaro ya latsa sin 30 ta ba shi −0.988 maimakon 0.5, ya kwafa ya wuce abinsa. Layin zubi daidai ne, don haka makin hanya nasa ne, sai dai a gefe nakan rubuta mashi ya zo da kalkuletar ya same ni, don in ba a gyara ba haka zai shiga da ita babbar jarrabawa.

Na huɗu, kuskure ɗaya hukunci ɗaya. Wannan ne ya fitar da yarinyarmu daga sifili. Ta riga ta biya kuɗin 15 ɗin nan a (a), to a (b) da (c) sai ka ajiye amsarka gefe, ka ɗauki 15 ɗinta kamar ita ce gaskiya, ka bi ta da kalkuletarka ka ga ko abin da ta yi da ita daidai ne. A (c) ta rubuta ½×1200×15² ta samu 135,000 J. Latsa ka gani, 600 sau 225, haka ne cif. Maki uku nata ne.

Amma a (b) akwai tarko, kuma shi ya ruɗa ɗan bautar ƙasar. Ita ba ta bi fomular da ke takardata ba, ta bi ta matsakaicin gudu:

```
s = (u + v)/2 × t = (5 + 15)/2 × 8 = 80 m
```

Hanya ce sahihiya, da 21 ta sa da 104 za ta samu. Kuma ka ga wani abu, da ta bi ut + ½at² da kuskurenta na (a) bai taɓa ta ba sam, don babu v a ciki, 104 za ta fitar. Da kuma ta bi v² = u² + 2as da 15 ɗinta, 225 a cire 25 a raba da 4, da 50 m za ta samu. Kuskure ɗaya ne amma amsa uku daban yake iya haifarwa a (b), 104 ko 80 ko 50, ya danganta da hanyar da yaro ya ɗauka, kuma duk ukun sun cancanci cikakken makin ɓangaren. Shi ya sa tun wajen shirya takardar makin nake rubuta duk hanyoyin da na san za a iya bi, in ba haka ba sai ka ga 80 ka ɗauka shirme ne ka ja layi.

To jimillarta: 2 a (a), 3 a (b), 3 a (c), 1 na yunit, tara ke nan. Na san akwai malaman da ba su yarda da wannan ba, suna cewa makin amsa na amsar gaskiya ne kawai, 80 ba 104 ba ce ko ta wace hanya aka zo, a wurinsu yarinyar 7 za ta samu. Ban ce sun yi laifi ba, matsaya ce da ake iya karewa, kuma in takardar makin da aka ba ka daga sama ta ce haka, misali jarrabawar gwaji ta 'yan SS3 da aka haɗa da wasu makarantu ko ka je makin na WAEC ko NECO, to abin da aka tsayar wajen kodineshan shi za ka bi, ra'ayinka ka bar shi a gida. Amma a jarrabawar ajina ni tara nake bayarwa, don a (b) da (c) ban ga abin da ta yi ba daidai ba da zan nuna mata da yatsa. Tsakanin 7 da 9 ana iya gardama a sha shayi. Sifili ne ba ya cikin lissafin. Abin da ya fi muhimmanci ka zaɓi ɗaya kafin ka fara, kuma in ku biyu ne kuke makin aji A da aji B ku zaɓa tare, don yaran nan suna haɗa takardu a ƙarƙashin bishiyar bedi, minti biyar sun gano an yi bambanci.

Bin yaro da lambarsa yana da iyaka fa, kar a ɗauka kyauta ce. Iyaka ta farko, in amsar ta fita daga hankali. Akwai wanda ya zame da sifili ɗaya ya rubuta v = 210 m/s. Ninka da 3.6 ka gani, kilomita 756 a awa, motar da za ta tashi daga Katsina ta isa Daura kafin ka shanye kofin shayi. 21 m/s kuwa wajen kilomita 76 ne a awa, gudun da muke gani kullum a hanyar. A (a) ban ƙara mashi hukunci ba, makin amsa ya riga ya tafi. A (c) na ba shi na fomula da na zubi, amma na riƙe na amsa, saboda tun farkon zango na gaya wa ajin cewa duk amsar da ba za ta yiwu a duniya ba, irin mota mai gudun jirgin sama ko KE mai alamar ragi ko gudun ƙarshe da ya gaza na farko alhali mota na ƙara wuta, ba zan bi ta ba sai in yaro ya rubuta a gefe cewa ya lura amsar ba ta yi kama da gaskiya ba. In ba ka sanar da wannan tun wuri ba kar ka yanke, zalunci ne ka fito da doka ranar makin. Ita 15 ɗin yarinyar ba ta faɗa nan ba, ta fi 5, kuma gudu ne da mota ke yi, ba yadda za a yi ta gane da ido.

Iyaka ta biyu, in kuskuren ya mayar da tambayar wasan yara. Misali yaro ya yi wata kwamacala ya samu v = 0, sai ya ce KE = 0. Eh ya bi lambarsa, amma bai yi aikin da ake gwadawa ba, makin fomula kawai zai ɗauka. Ta uku kuma sabon kuskure sabon hukunci ne, da yarinyar ta ce 15² = 30 da ta sake rasa wani makin a (c), ba a cewa ai an riga an cire mata.

Sai kishiyar matsalar, amsa daidai ba aiki. Yaro ya rubuta 104 m shi kaɗai tsirara a tsakiyar shafi. Maki ɗaya nake ba shi a jarrabawar aji, kuma wannan ma na faɗa masu tun farko, wasu malaman ko ɗayan ba sa bayarwa. Nan ma bin layi-layi yana tona asiri, a takardun nan dai na samu yaron da ya fitar da v = 21 daidai a (a), amma a (c) sai ga 135,000 J ta faɗo daga sama ba zubi ba komai. Daga 21 ba hanyar da za ta kai ka 135,000, daga 15 take zuwa, kuma mutum ɗaya ne a ajin yake da 15. Da na duba tsarin zama, a bayanta yake zaune. Na rubuta mashi a gefe ya zo ya nuna mani yadda ya yi, har yau yana kan nemowa.

Game da gudanar da aikin kansa, tambaya-tambaya nake makin ba takarda-takarda ba, in gama lamba 3 ta kowa sannan in koma lamba 4, hakan ne ke sa hannu ya tsaya a ma'auni ɗaya kuma 135,000 ta biyu ta faɗo maka a ido. Takardu goman farko da fensir nake yinsu, don kusan kullum sai an samu wata hanya ko wani kuskure da ban hango ba, irin u = 0 ɗin nan ban sa shi a takardata ba sai da na gan shi sau uku cikin goma. Sai in tsaya in yanke hukuncinsa, in rubuta a ƙasan takardar makin, in koma kan goman da jan biro. A gefen kowane layi ina sa ɗan makinsa, 1 ko 0, ba jimilla kaɗai a ƙasa ba, inda na bi yaro da lambarsa kuma in sa alamar daidai da ɗan harafin "b" kusa da ita, ma'ana na bi shi. Rabin maki ba na bayarwa, na gwada shekarun baya na ga duk inda na rasa abin yi sai in sa rabi in wuce, ya zama maɓoyar lalaci, kuma in yaro ya tambaye ni rabin na mene ne ba ni da amsa.

Ɗan bautar ƙasar dai ya kwashi takardu talatin da ɗaya da ya riga ya gama ya sake bi daga farko, yana ta ƙunƙuni wai yanzu kowace takarda sai ya latsa kalkuleta sau uku. Na ce mashi haka ne, amma kurakuran ba su da yawa, 56 ce da 64 da 168 suke ta dawowa, in ya rubuta makin kowacce a gefen takardar makin sau ɗaya ya huta. Kafin a kira la'asar ya gama, mutum tara makinsu ya ƙaru, ɗaya kuma ya ragu, mai 135,000 ɗin nan.